Firizar da ta iso a lotse: nazarin lamari kan ƙa'idar shago da haƙƙin mai saye

Yadda aka yi cinikin

Wata ma'aikaciyar asibiti da ke zaune a Azare ta ga hoton firiza mai murfi a sama, mai cin lita 200, a shafin WhatsApp na wani mai shagon kayan lantarki a Kano. Don amfanin gida take so, ta riƙa ajiye nama da ƙanƙara. Suka yi ciniki ta waya, suka daidaita a kan naira 380,000. Da ta tambayi yadda kayan zai iso, mai shagon ya rubuto mata: "Hajiya, ki ƙara 15,000 na mota, mu za mu kawo miki har Azare, muna da direbanmu." Ranar Litinin ta tura naira 395,000 ta banki, shi kuma ya ɗauki hoton rasit ya aiko mata.

A ƙasan rasit ɗin akwai layi ɗaya da ƙananan haruffa, irin wanda ake bugawa da Turanci a jikin rasit na shaguna da dama, cewa kayan da aka sayar cikin kyakkyawan yanayi ba a dawo da su. Babu wanda ya ambaci wannan layin lokacin ciniki. Sai bayan kuɗi sun shiga ta gan shi, kuma ba ta ɗauke shi da muhimmanci ba. A cikin kwalin akwai wata takarda ta daban, ta garantin kamfanin da ya ƙera firizar.

Rana ta 3 zuwa ta 5: isowar kaya

Ranar Laraba da la'asar direba ya kira daga tashar Azare. Ɗanta ne ya je karɓa. Ya tarar da firizar kwance a kan gefenta a bayan mota, an ɗora mata buhuna biyu, kusurwar kwalin ta ƙasa kuma ta yage. Ya ɗauki hoto ɗaya ya tura wa mahaifiyarsa, don kawai ta san kaya sun zo. Ya sa hannu a takardar direba bai rubuta komai a kai ba, ya ɗauki a-kori-kura, aka kai firizar gida a tsaye, tafiyar da ba ta wuce kilomita 2 ba.

Da aka cire kwalin sai ga lotsawa kamar faɗin tafin hannu a ƙasa ta baya, daidai ɓangaren da injin yake. Ta ɗauka ta jiki ce kawai, ba ta sanar da mai shagon ba. Abu ɗaya ta yi daidai: ta bar firizar a tsaye awa 24 kafin a kunna. Idan aka kwantar da firiza a hanya, man da ke cikin kwampreso, wato injin da ke tura gas, yakan gangara cikin bututun gas, kuma sai an ba shi lokaci ya koma mazauninsa. Ranar Alhamis da yamma aka jona ta ta sitabilaiza. Inji ya tashi, fitila ta kama. Da safiyar Juma'a, bayan an kwana da wuta, robar ruwan da aka saka ciki ko sanyi ba ta yi ba.

Ta kira mai shagon. Amsar farko ita ce ta ƙara ba ta lokaci. Da yamma ta sake kira, sai ya ce: "Hajiya, lafiya ƙalau kaya ya bar shagona. Ki duba rasit ɗinki, mu ba ma karɓar kaya in ya fita. Ko dai direba ne, ko wutarku ce ta ƙona ta."

Rana ta 6 zuwa ta 12: hanyoyin da ba su ɓulle ba

Mako guda ya tafi a kan kiran waya da saƙon murya. Ko wane kira a wuri ɗaya yake ƙarewa, ita tana cewa a dawo mata da kuɗinta, shi yana karanto mata rasit. Babu abin da ya rage a rubuce daga waɗannan kiraye-kiraye, kuma har lokacin ba ta furta a fili cewa ta ƙi kayan ba.

Ta nemi direban. Ya ce shi ɗan aike ne, yadda aka loda masa haka ya kawo, kuma mai shagon ne ya biya shi. Ta kira lambar da ke kan takardar garanti, aka nemi hotuna, sannan aka ce garanti na lahanin ƙira ne, bai shafi abin da bugu ko faɗuwa ya jawo ba. Wannan ba ƙwange ba ne, haka takardun garanti suke a yawancin kayan lantarki. Ta je bankinta, aka gaya mata kuɗin da mutum ya tura da hannunsa zuwa asusun da ya yi niyya ba a janyo su sai da yardar wanda ya karɓa ko umarnin kotu.

Yayanta ya ce a kai maganar wurin 'yan sanda a Kano. Wani lauya da suka sani ya hana, ya ce rikicin ciniki ne, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. Barazanar dai ta riga ta kai kunnen mai shagon, shi kuwa ya daina ɗaga waya kwana uku.

A rana ta 8 ta kira mai gyaran firji, da sharaɗin ya duba kawai, kada ya yanke ko ya liƙe komai. Ya cire ragar da ke rufe ɗakin inji. Kwampreso yana tashi yana aiki ba tsayawa, babu warin ƙuna, babu ƙarar nan ta "ƙas" da yake yi in ya yi yunƙurin tashi ya kasa. Jikin firizar bai ɗumama ba, alhali irin waɗannan firizoji ta bangon jikinsu suke fitar da zafi, don haka mai lafiya takan yi ɗumi in an taɓa gefenta. A inda lotsawar ta danno, wani siririn bututu ya tanƙware ya tsage kusa da mahaɗarsa, ga danshin mai a wurin. Gas ɗin, nau'in R600a kamar yadda aka rubuta a jikinta, ya tsere ta nan. Ya ce wuta ba ta tsaga bututu, bugu ne. Aka ɗauki hotuna, ya rubuta abin da ya gani a takarda ya sa hannu da kwanan wata, ta biya shi naira 5,000.

Da ta tura wa mai shagon hotunan, ya sauko kaɗan. Ya ce a yi walda a sake ɗura gas a can Azare, ya biya rabi, ta biya rabi. Ta ce ba ta biya kuɗin sabuwa don ta zauna da gyararriya ba. Aka sake tsayawa.

Rana ta 13: takardar neman haƙƙi

Lauyan ya taimaka aka rubuta takarda mai shafi ɗaya. Aka tura ta WhatsApp, aka kuma kai kwafi shagon hannu da hannu, yaron shago ya sa hannu ya karɓa. Takardar ta jero ranar biya, adadin kuɗi, lambar jikin firizar, ranar isowa da ranar da aka fara sanar da shi. Ta faɗa a fili cewa mai saye ta ƙi karɓar kayan, an cire firizar daga wuta, tana nan da kwalinta yana iya aikowa a ɗauka. Ta nemi a mayar da naira 395,000 cikin kwana 7, in ba haka ba za a kai ƙorafi gaban FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye.

Hujjar da takardar ta jingina da ita tana cikin Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Sashe na 131 ya ce mai saye yana da haƙƙin a ba shi kaya mai inganci, mai aiki, marar lahani, wanda ya dace da abin da aka saba yi da irinsa. Sashe na 132 ya ce in kaya bai cika wannan ba, mai saye yana iya mayar da shi cikin wata 3 daga ranar da aka kawo masa, ba tare da an ci shi tara ba, kuma kuɗin mayarwar da haɗarin hanya a wuyan mai sayarwa suke. Daga nan sai mai sayarwa ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Sashe na 122 ya yi magana a kan wanda bai samu damar duba kaya ba kafin a kawo masa, kamar mai saye ta waya: in ya ƙi kayan cikin lokacin da hankali zai ɗauka, saboda ba irinsa ko ingancinsa aka yi ciniki a kai ba, cikakken kuɗinsa za a mayar masa.

Game da layin nan na ƙasan rasit, takardar ta kawo sashe na 129, wanda ya hana mai sayarwa sanya sharaɗin da zai raba mai saye da haƙƙin mayar da kaya mai lahani. Game da zargin wuta kuma ta kawo sashe na 145, wanda ya ce in aka yi zargin kaya na da lahani, mai sayarwa ne zai kawo hujjar cewa ba haka ba ne. An haɗa da abu huɗu: hoton rasit, saƙon da ya ce su za su kawo har Azare, hoton tasha da takardar mai gyara.

Rana ta 18: zama a kasuwa

Mai shagon bai amsa mata ba. Ya kai takardar wurin shugaban 'yan kasuwar layinsu, shi kuma ya kira zama. Yayanta ne ya wakilce ta, aka kuma kira direban da wani daga shugabannin tasharsu.

Mai shagon ya daina kafa hujja da rasit tun farkon zaman, domin shugaban ya karanta layin ya ce ai maganar kayan da aka sayar lafiya yake yi, kuma abin da ake jayayya a kai ke nan. Sai ya koma kan wata hujjar da ta fi ta farko nauyi. Ya ce daga lokacin da ya miƙa kaya a tasha ya fita daga hannunsa, abin da ya same shi a hanya tsakanin mai kaya ne da direba. Ya ƙara da cewa ɗanta ya sa hannu ya karɓa bai ce uffan ba, an ɗauki firizar a wata motar daga tasha zuwa gida, kuma sai bayan kwana biyu aka kira shi. Wa ya san inda aka buga ta?

Yayan ya nuna hoton tasha, mai ɗauke da lokacin da aka tura shi. Firizar tana kwance cikin motar direban, buhuna a kanta, kwali a yage daidai kusurwar da aka samu lotsawar. Sannan ya karanto saƙon ranar Litinin. Shugaban ya tambayi direba wa ya kira shi, wa ya biya shi. Ya ce Alhaji ne, kuma ya daɗe yana ɗaukar masa kaya. Aka tambaye shi dalilin kwantar da firiza bayan ga kibiya a jikin kwali tana nuna sama, ya ce tsayinta ya hana ƙofar baya rufuwa, kuma yaran shagon suna tsaye aka loda.

Shugaban ya ce ko a fiƙihu mai saye yana da zaɓin mayar da kaya in ya tarar da aibin da ba a nuna masa ba, kuma wanda ya ce zai kai kaya har gari bai sauke nauyi ba sai kaya ya isa. Mai shagon ya ce ba zai iya fitar da kuɗi ba, sun riga sun shiga kaya, amma zai ba da wata sabuwa irinta. Aka kira ta a waya. Ta ce, "Alhaji, na yarda, amma a buɗe a gwada a gaban yayana, kuma ba zan ƙara biyan kuɗin mota ba."

Rana ta 24: yadda aka ƙare

An kunna sabuwar firizar a shago awa 3 a gaban yayan, bangonta na ciki ya fara farin ƙanƙara, jikinta ya yi ɗumi. Aka rubuta sabon rasit da sabuwar lamba, aka loda ta a tsaye a buɗaɗɗiyar mota, aka ɗaure. Motar da ta kai ta ita ta dawo da tsohuwar, mai shagon ya biya zuwa da dawowa. Daga baya ya sasanta da direban ta hannun shugabannin tasha a kan rabon asarar, ba da ita aka yi wannan zaman ba. Naira 5,000 na mai gyara da kuɗin a-kori-kura na farko ba su dawo mata ba. Ba a kai ga shigar da ƙorafi a FCCPC ba.

Abin da lamarin ya nuna

Layin ƙasan rasit ba wofi ba ne, yana da inda yake aiki. Da firizar ta iso lafiya sannan Hajiya ta ga launinta bai yi mata ba, ko ta samu mai araha a Azare, da mai shagon yana da damar cewa an saya an saya. In shago ya ce yana karɓar kaya cikin kwana 7 ko da babu lahani, kyautatawa ce daga gare shi, yana iya sa mata sharuɗɗan da ya ga dama. Haka kuma in an nuna wa mutum lotsawa aka rage masa kuɗi ya amince, ba zai dawo yana ƙorafi a kan wannan lotsawar ba, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Inda ƙa'idar shago ba ta da iko shi ne kayan da ya iso a lalace, domin haƙƙin mayar da shi doka ce ta bayar, kuma doka ta hana a soke shi da rubutun rasit. Kotu ma ta taɓa magana a kan irin wannan ƙa'ida: a 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta ce tsarin "ba a mayar da kuɗi" na kamfanin sufuri na Peace Mass Transit ya saɓa wa wannan doka, ta kuma ba fasinjan da ya kai ƙara diyyar naira 500,000. Shari'ar tikitin mota ce, amma sashe na 129 na cikin abin da aka duba.

Sai dai ba rasit ne ya kusa kayar da ita ba, maganar direba ce. A tsohuwar dokar cinikin kaya ta 1893, wadda dokokin ciniki na Najeriya suka gada, miƙa kaya ga mai sufuri ana fara ɗaukarsa a matsayin miƙa wa mai saye, sai in yarjejeniya ta nuna akasin haka, ko mai sayarwa bai yi shirin sufurin da ya dace da irin kayan ba. A nan duka biyun sun samu. Ya rubuta da hannunsa cewa su za su kawo, ya karɓi kuɗin mota, ya zaɓi direba, kuma yaransa suna kallo aka kwantar da firiza aka ɗora mata buhuna. Da ita ce ta ce, "Ga lambar direbana, ku ba shi," da lamarin ya juya. Mai shagon zai iya nuna cewa ya miƙa kaya lafiya ga wakilinta, ita kuma ta koma neman haƙƙinta wurin direban da wataƙila ba shi da abin biya.

Kurakuranta guda biyu ne, kuma sun ba mai shagon abin riƙewa. Sa hannu a takardar direba ba tare da rubuta "kwali a yage, ba a duba ciki ba" shi ne na farko. Na biyu, shirun da ta yi daga yammacin Laraba zuwa safiyar Juma'a bayan ta ga lotsawar. Wata 3 ɗin sashe na 132 bai ƙare ba, amma duk awar da kaya ya yi a gidan mai saye ba a sanar ba tana ƙara wa mai sayarwa ƙofar cewa a can aka buga shi. Sashe na 145 ya ɗora masa kawo hujja, gaskiya ne, sai dai a zaman kasuwa ba wanda ya tsaya tambayar wa doka ta ɗora wa, hoton da yaro ya ɗauka ba da niyya ba shi ya raba gardama. Ta kuma tsira da hana mai gyara taɓa bututun. Da an yi waldar, da shaidar ta goge, mai shagon ya ce an yi wa kayansa aiki, garantin kamfani ma ya faɗi.

Tayin raba kuɗin gyara ba shi da tushe, domin in gyara za a yi ƙarƙashin sashe na 132, mai sayarwa ne zai biya duka. Amma sashen ya lissafa gyara da canji da mayar da kuɗi ne a matsayin hanyoyin da mai sayarwa zai bi, don haka wanda ke son kuɗinsa lallai ya fi samun ƙarfi a sashe na 122, wanda ke buƙatar a ƙi kayan da wuri kuma a fili. Ita sai rana ta 13 ta yi haka a rubuce. Da ta dage tana iya samun kuɗin ta FCCPC ko ta kotu, tunda sashe na 146 ya ba mai saye damar zuwa kotu kai tsaye, amma da an ƙara makonni ko watanni. Karɓar sabuwar firiza a rana ta 24 ciniki ne mai kyau a ganina, ga wadda firiza take so tun farko.

Akwai iyaka ɗaya da ya kamata ƙananan 'yan kasuwa su sani. Dokar 2018 mai saye don amfani take karewa, ma'anar da ta bayar ta cire wanda ya sayi kaya don ya sake sayarwa. Da mai shago ne a Azare ya yi odar firiza 5 daga Kano don ya sa a shagonsa, ɗaya ta iso a lotse, ba zai jingina da sashe na 122 ko na 132 ba. Zai koma ga dokar cinikin kaya da abin da suka rubuta tsakaninsu, inda sharaɗin rasit ya fi nauyi, kuma tambayar farko da za a yi masa ita ce wa ya kira direban.